Wa Zai Biya Kuɗin Ƙafar Roba, Na'urar Ji da Keken Guragu, kuma da Waɗanne Takardu?

Daga cikin buƙatun da kwamitocin masallatai suke miƙo wa Gidauniya, babu masu saurin taɓa zuciya kamar na wanda aka yanke wa ƙafa, ko yaron da ba ya jin maganar malaminsa, ko dattijon da shanyewar ɓarin jiki ta zaunar da shi. Sau da yawa kwamiti yakan tara kuɗi cikin hanzari ya sayi abin da aka nema. Bayan 'yan watanni sai a tarar da ƙafar a jingine bayan ƙofa, na'urar jin tana cikin akwati, keken kuma ya zama wurin rataye tufafi. Wani lokaci kuma sai a gano cewa akwai hukumar da doka ta ɗora wa biyan kuɗin tun da fari, amma damar ta wuce saboda ba a nemi wata takarda a kan lokaci ba. Wannan bayani zai nuna inda haƙƙin mai buƙata yake kafin a taɓa dukiyar masu bayarwa, da takardun da ke buɗe kowace ƙofa, da kuma abin da ke ragewa wanda ya dace kwamiti ya ɗauka.

Dalilin rauni ne ke nuna ƙofar da za a ƙwanƙwasa

Tambayar farko da ya kamata kwamiti ya yi ita ce: me ya jawo wannan lalura, kuma a ina ta faru? Amsarta ce ke raba masu buƙata zuwa rukuni uku.

Rukuni na farko su ne masu katin inshorar lafiya. Shirin inshorar lafiya na ƙasa ya fara aiki a 2005 da ma'aikatan gwamnatin tarayya. A watan Mayun 2022 aka sanya hannu kan sabuwar doka wadda ta kafa Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, wato NHIA, ta kuma wajabta inshorar lafiya a kan kowa. Rajistar ma'aikaci tana ɗaukar shi kansa da abokin aurensa ɗaya da 'ya'yan cikinsa huɗu da ba su kai shekara 18 ba. A jerin abubuwan da shirin ma'aikata ya lamunce an ambaci gaɓoɓin roba da suna, amma da sharaɗin su kasance waɗanda aka ƙera a Nijeriya. Saboda haka wanda ya zaɓi ƙafar da aka shigo da ita daga waje ya fita daga lamunin. Jihohi ma suna da nasu hukumomin, kamar KSCHMA a Kano, kuma kowace tana da nata jerin. Abin da katin tarayya ya biya ba lallai ne katin jiha ya biya shi ba, don haka a nemi jerin a rubuce.

Rukuni na biyu su ne waɗanda suka ji rauni a bakin aiki. Waɗannan ba inshorar lafiya ce ke ɗaukarsu ba, domin ta cire raunin wurin aiki daga lamuninta. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ce ke kula da su ta hannun asusun NSITF, wanda mai ɗaukar ma'aikata ke zuba wa kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya. Dokar ta ba asusun ikon biyan magani da sandunan dogarawa da gaɓoɓin roba, kuma ta haɗa da hatsarin da ya samu ma'aikaci a hanyarsa tsakanin gida da wurin aiki. Amma tana da wa'adi. Ma'aikaci ko iyalinsa za su sanar da mai aikin cikin kwana 14, shi kuma mai aikin ya kai rahoto ga asusun cikin kwana 7, sannan a shigar da takardar neman diyya cikin shekara guda. Iyalin da ke jinya a asibiti ba sa tuna kwana 14. A nan ne ɗan kwamiti mai takarda da biro zai yi aikin da ya fi kuɗi amfani: ya rubuta sanarwar, a sa hannu, a kai, a karɓo kwafi mai ɗauke da kwanan wata.

Rukuni na uku su ne waɗanda abin hawan wani ya buge. Doka ta wajabta wa kowane mai mota inshorar da ke biyan raunin da ya yi wa wani. Ba za a iya neman wannan haƙƙi ba sai da rahoton 'yan sanda da lambar motar da takardar inshorarta. Sulhun bakin titi, inda ake karɓar kuɗin ɗinki a yafe sauran, yakan rufe wannan ƙofa tun kafin a san cewa ƙafar ba za ta tsira ba.

Wanda bai faɗa ko ɗaya daga cikin ukun ba, kamar ɗan kasuwa ko manomi marar kati, shi ne wanda nauyinsa ke komawa kan iyali da kwamiti gaba ɗaya, kuma irinsa ne suka fi yawa. Dalilin tantance rukunan shi ne kada a kashe rabonsa a kan wanda wata hukuma ke da alhakin biya masa.

Misali: ƙafar roba daga ranar tiyata zuwa ranar tafiya

Mu ɗauki misalin masinja a wata ma'aikatar tarayya, mai shekara 48, wanda ciwon suga ya sa gyambon ƙafarsa ya ƙi warkewa har aka yanke ta ƙasa da gwiwa. Yana da katin inshora, kuma raunin ba na wurin aiki ba ne, don haka yana rukuni na farko.

Ranar da aka sallame shi, abin da ya kamata ya fito da shi daga asibiti shi ne takardar sallama da rahoton likita. Rahoton ya bayyana wace ƙafa ce, ta dama ko ta hagu, a wane matsayi aka yanke, wace rana, kuma saboda wane dalili. Matsayin yankan yana da muhimmanci domin ƙafar da ke ƙasa da gwiwa ta fi sauƙin ƙira da sauƙin tafiya. Wadda ke sama da gwiwa kuwa tana buƙatar gwiwar roba, ta fi tsada, kuma tana cin ƙarfin mai ita sosai. Rahoton da ya ce “an yanke ƙafa” kawai ba zai isa a kimanta kuɗi da shi ba.

Daga nan ba a garzayawa wurin awo. Sai ɗinki ya warke kumburi ya sauka, abin da kan ɗauki makonni shida zuwa goma sha biyu, kuma yakan fi haka ga mai ciwon suga. A wannan tsakani ana naɗe dungulmin da bandeji mai talewa domin ya tsuke ya yi siffa, ana kuma motsa gwiwar kullum. Wanda ya yini a zaune da gwiwa a lanƙwashe, ko yake kwana da matashi a ƙarƙashinta, gwiwar na iya ƙagewa ta ƙi miƙewa, kuma ƙagaggiyar gwiwa tana wahalar da saka ƙafar roba. Idan aka yi gaggawar awo dungulmi na kumbure, kwanson da zai zauna a ciki zai yi masa yawa bayan ɗan lokaci kaɗan, kuɗin kuma ya tafi.

Yanzu sai takardun inshora, kuma jerinsu ba ya karɓar tsallake. Masinjan zai koma asibitin da aka yi masa rajista tun farko, wanda sunansa ke cikin bayanan katinsa. Likitan can ne zai rubuta takardar tura shi zuwa asibitin ƙwararru, ya kuma nemi lambar amincewa daga kamfanin da ke kula da rajistarsa, wanda ake kira HMO. Wannan lamba ita ce alƙawarin biya. Da ita asibitin ƙwararru zai yi aiki ya aika wa kamfanin da lissafinsa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne iyali su wuce kai tsaye wurin mai ƙera ƙafa, su biya daga aljihu ko daga kuɗin da masallaci ya tara, sannan su dawo da rasit suna neman a mayar musu. A ƙa'ida aikin da ba na gaggawa ba, idan aka yi shi ba tare da lambar amincewa ba, ba a biyan kuɗinsa. Idan kamfanin ya ƙi ba da lambar, a nemi ya rubuta dalilinsa, domin da wannan rubutu ake kai ƙorafi ofishin NHIA na jiha. Ƙin da aka yi ta waya ba ya barin shaida.

A Arewa, Asibitin Ƙashi na Ƙasa da ke Dala a Kano yana da sashen ƙera gaɓoɓin roba, haka ma akwai cibiyar farfaɗo da gaɓoɓi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, wadda aka kafa da haɗin gwiwar ƙungiyar agaji ta ICRC. Ko a ina aka je, aikin ba na zuwa ɗaya ba ne. Zuwan farko za a duba dungulmi a ɗauki siffarsa da filasta. Zuwa na biyu za a gwada kwanson, a rage inda ke matsi, a daidaita tsayi da tsayuwar ƙafar. Sannan a yi kwanaki ana koyon tafiya tsakanin ƙarafa biyu, da hawan tudu, da yadda ake sakawa da cirewa. Bayan makonni kuma a dawo dubiya. Inshora ba ta biyan kuɗin mota ko masauki ko abincin mai rakiya. Mutumin da ke zaune nesa da Kano yana iya samun ƙafar ba tare da ya biya komai ba, amma ya kasa zuwa karɓarta. Wannan giɓi shi ne ya fi dacewa da kuɗin kwamiti.

Bayan ya koma gida akwai alamar da kowa zai iya dubawa. Idan ya cire ƙafar aka ga jan tabo a fata wanda bai ɓace ba bayan kamar minti 15 zuwa 20, to kwanson yana matsi a wurin, sai ya daina sakawa ya koma a gyara. Mai ciwon suga sau da yawa ba ya jin zafin wurin, don haka ido ne zai gani, kuma madubi yana taimakawa. Dungulmi yakan ci gaba da tsukewa a shekarar farko. Ana cike giɓin da ƙarin safa, amma idan safar ta yi yawa kuma ƙafar na juyawa, lokacin sabon kwanso ya yi. Ƙafar babba takan yi shekara uku zuwa biyar. Ta yaro kuwa tana buƙatar gyara ko canji kusan kowace shekara saboda girma. Wanda ya ɗauki nauyin ƙafar yaro ɗan shekara takwas ya sani cewa ya shiga hidimar shekaru masu yawa.

Na'urar taimaka wa ji: gwaji kafin saye

Tsare-tsaren inshora masu sauƙin kuɗi sukan biya ganin likitan kunne da maganin ciwon kunne, amma galibinsu ba sa sayen na'urar kanta. Saboda haka kwamitoci ne kan ɗauki kuɗinta, kuma a nan ne asara ta fi sauƙin aukuwa.

Takardar da ba a tsallake ta ita ce sakamakon gwajin ji, wanda ke nuna ƙarfin sautin da kowane kunne ke fara ji, a ma'aunin desibel, daga sauti mai kauri zuwa siriri. Kafin gwajin ma likita zai leƙa kunnen, domin dauɗar kunne da ta toshe hanya, ko ruwa a bayan fatar dodon kunne, ko kunne mai zubar da mugunya, duk suna rage ji, kuma magani suke buƙata. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar rashin jin da ya haura desibel 35 a kunnen da ya fi lafiya a matsayin wanda ke tauye rayuwar yau da kullum. Ana yin wannan gwaji a Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna da sassan kunne, hanci da maƙogwaro na asibitocin koyarwa.

Da wannan sakamako ne ƙwararre ke saita na'urar, ta ɗaga sautukan da mutum ya rasa ta bar waɗanda yake ji. Abin da ake sayarwa a kasuwa ba tare da gwaji ba yana ƙara ƙarar komai ne baki ɗaya, hayaniyar babur da maganar jika daidai wa daida, har mai ita ya gaji ya ajiye. Wanda kuma rashin jinsa ya kai matuƙa, na'urar na iya yi masa kaɗan, kuma gwajin ne zai faɗi haka kafin a kashe kuɗi.

Sannan akwai kuɗin da ke biyo baya. Ƙaramin batir na na'urar yakan yi mako ɗaya zuwa biyu. Mai na'ura biyu, idan batirinsa na yin mako guda, zai buƙaci kusan 104 a shekara. Robar da ke zama cikin kunne ana ƙera ta ne da siffar kunnen mai ita, kuma ta yaro tana yi masa kaɗan yayin da yake girma. Alamar hakan ita ce na'urar ta riƙa yin fito. Don haka takardar kimanta kuɗi ta nuna na'urar, da robar kunne, da saiti, da tsawon garanti, da batirin shekara guda, kowanne a layinsa.

Keken guragu: awo da matashin zama

Keke shi ne abin da aka fi rabawa a taron jama'a, shi ne kuma aka fi bayarwa ba tare da awo ba. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin samar da keke a ƙasashe masu ƙarancin hali, inda ta nuna cewa miƙa keken mataki ɗaya ne cikin matakai takwas, daga dubiya da awo zuwa horarwa da bibiya.

Irin keken da ake gani a farfajiyar asibiti an yi shi ne domin tura mara lafiya daga ɗaki zuwa ɗaki a kan daɓe mai santsi. Ƙananan tayoyinsa na gaba suna nutsewa cikin yashi, kuma ba ya daɗewa a lungunan unguwa. Wanda shan inna ta taɓa ƙafafunsa amma hannayensa na da ƙarfi, kuma yana zuwa kasuwa ko makaranta, keke mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu ya fi masa amfani a waje. Wanda ya samu rauni a laka kuwa, abin da ya fi keken kansa muhimmanci shi ne matashin zama na musamman. Ba ya jin zafin matsi a mazaunansa, kuma zama na sa'o'i a kan leda yana haifar da gyambon da kan zurfafa har ƙashi, wanda ke iya kashewa. Yaron da ba ya iya riƙe wuyansa ko bayansa yana buƙatar kujera mai tallafi da aka daidaita masa.

Takardar da ake nema a nan ita ce ta likitan gashin ƙashi ko wani ƙwararren farfaɗo da gaɓoɓi, mai nuna faɗin ƙugu, da tsawon cinya daga baya zuwa bayan gwiwa, da tsawon ƙwauri, da irin keken da ya dace da wurin da mutum ke zaune. A kuma tambaya ko mai gyaran keke na unguwa zai samu tayarsa a kasuwa.

Fayil ɗin da ya kamata ya iso daga kwamiti

Ko wace na'ura ake nema, fayil mai kyau yana ɗauke da abu shida:

- shaidar ɗan ƙasa mai lambar NIN, ko takardar haihuwa idan yaro ne;
- rahoton likita mai hatimi da sa hannu da kwanan wata;
- takardar ƙwararre: awon gaɓa, ko sakamakon gwajin ji, ko awon keke;
- katin inshora idan akwai, tare da lambar amincewa ko rubutaccen dalilin ƙi;
- takardar kimanta kuɗi daga wurin da zai yi aikin, a rarrabe, da lambar asusun cibiyar;
- wasiƙar kwamiti mai bayyana halin mai buƙata da wanda zai raka shi.

Ga raunin aiki sai a ƙara kwafin sanarwar da aka kai wa mai aiki, ga hatsarin mota kuma rahoton 'yan sanda. Yana da kyau a taimaka wa mai buƙata ya nemi takardar shaidar nakasa, wadda dokar hana wariya ga masu nakasa da aka sanya wa hannu a Janairun 2019 ta tanada, domin za ta yi masa amfani a wasu ƙofofin.

Abin da ya fi tsayar da fayil shi ne saɓanin suna. Mutum ɗaya yana iya zama Muhammad a katin ɗan ƙasa, Mamman a katin asibiti, Mohammed a rajistar inshora. Ga jami'in da ke tantancewa waɗannan mutum uku ne. A jera takardun a kan tebur tun ranar farko a gwada sunaye da ranakun haihuwa, idan sun saɓa a gyara, ko a haɗa da takardar rantsuwa ta kotu. A riƙe na asali a miƙa kwafi. Rahoton likita kuma sirrin mai shi ne, ba a karanta shi a gaban jama'a ko a yaɗa hotonsa domin neman taimako.

Kuɗin na'ura ya fi aminci idan aka biya shi kai tsaye ga cibiyar da za ta yi aikin, da sanin mai buƙata da yardarsa, kuma abin ya zama mallakarsa. Kekuna da sandunan da ake buƙata na ɗan lokaci, kamar bayan karaya, su ne suka dace a ajiye a matsayin wakafi ana ba da aronsu. Ƙafar roba da robar kunne kuwa ba sa karɓar aro, domin an ƙera su ne da jikin mutum ɗaya.

A ƙarshe, kada a rufe fayil ranar miƙa kaya. A rubuta a bangonsa ranar da ɗan kwamiti zai ziyarci gidan bayan wata uku, ya ga ko ƙafar tana jikin mai ita, ko na'urar na da batir, ko tayar keken na da iska, ya rubuta abin da ya gani da abin da ke buƙatar gyara.